Ejan Uku, Jirgi Ɗaya

Malam Maidaji ba shi da kwarjini, wannan kam ko masoyinsa ba zai musa ba. Gajere ne, siriri, gashin kansa ya fara gudu tun daga goshi, kuma shekara bakwai da na san shi a unguwar Xiaobei ta Guangzhou jaka ɗaya na san shi da ita, baƙa, mai zif ɗin da yake ɗaurewa da zare. A cikinta akwai tef ɗin awo, da tocila, da wani littafi mai bango kore, sai kwalin karta da 'ya'yan ludo uku a cikin gwangwanin alewa. Waɗannan na ƙarshe su suka ja masa suna. In ya wuce ta gaban shagunan waya, sai ka ji ana cewa ga ɗan caca nan. Masu faɗin haka kuwa su ne za su zuba duk abin da suka mallaka a kwantena ɗaya saboda wani ɗan China ya yi musu murmushi ya ce ba matsala, amma a wurinsu Maidaji ne ɗan caca.

Ni Hasiya, kayan yara nake saya a Guangzhou in kai Kano: riguna, takalma, 'yan jakunkuna, tabarau na roba. Sana'ar tawa duk a kan ƙaramar Sallah take tsaye. In kaya suka shiga shagona kafin azumi ya raba tsakiya, na yi shekara lafiya. In suka iso bayan an sauko daga idi, sai in jibge su in zauna ina kallonsu, kafin wata Sallar yayi ya wuce, yaran da aka auna da su ma sun girma.

Maidaji mutumin Gusau ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyar da lissafi a makarantar sakandare, kuma a can ya fara yawo da karta da 'ya'yan ludo. Ya taɓa gaya mini dalili. Ya ce ɗalibi zai rubuta maka amsar lissafin yiwuwa da kyakkyawan rubutu, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, alhali amsar ko kusa ba ta yi ba, kuma in ka yi masa jan biro sai ya ga kamar ƙiyayya ce. Amma in ka ba shi ɗan ludo ka ce ya jefa sau sittin ya ƙirga da kansa, to da hannunsa zai kama kuskurensa, ba kuma wanda zai yi wa fushi. Surukinsa ne ya aiko shi China sayen kayan injin niƙa, ya ga yadda ake cutar mutanenmu a wajen duba kaya, ya zauna. Alhaji Tankari, mai ofishin aika kaya a hawa na tara a ɗaya daga dogayen benayen unguwar, shi ya ɗauke shi aiki, kuma da sunan kamfaninsa ake sabunta wa Maidaji takardar zama kowace shekara. A garin nan in ba takarda ba ka da wurin tsayawa, ko ɗakin haya ba za ka riƙe ba. Wato zaman Maidaji a China yana cikin aljihun Tankari, kowa ya san haka, shi ma ya sani.

Aikinsa shi ne ya je masana'anta ya buɗe kwali ya ga ko abin da aka saya shi aka zuba, sannan ya bi kayan har sito ya tsaya a kan lodi. Yana da wata ɗabi'a da ke ƙular da masu masana'anta. Ba ya karɓar kwalin da aka miƙo masa. Sai ya sa wa kwalayen lamba, ya tsuguna ya jefa 'ya'yan ludonsa, lambar da ta fito ita zai buɗe, ko da tana can ƙarƙashin tari. Na taɓa ganin wata mai masana'antar takalma tana ta yi masa ihu da yarensu, yana tsugune yana cewa, “Shiye-shiye, lawban,” wato na gode uwarɗaki, bai kuma fasa ba. A kwalin da ludo ya zaɓa muka samu takalman ƙafar hagu zalla, guda arba'in.

To ana cikin haka sai Sharfaddeen ya bayyana. Ɗan ƙanwar Tankari ne, ya gama digiri na biyu a wata jami'a a arewacin China, ya dawo da kwat da tabarau marar magani da kwamfuta mai sirantaka kamar faranti. Ba ya iya jimla uku ba tare da ya jefa kalmar Turanci mai nauyi ba, in ka tambaye shi ma'anarta sai ya ƙara maka wata. Mutanenmu kuwa, Allah Ya shirye mu, da sun ga zane mai launi a fuskar kwamfuta sai hankalinsu ya kwanta kamar an karanto musu aya.

Mu shida ne mata masu kayan Sallah da muke haɗa kai. Babbarmu Zeinabou, 'yar Maraɗi, wadda ta auri Bakano take da shago a Sabon Gari. Tsoronmu ɗaya ne kullum, kada kaya su makara. Wata Juma'a a watan Disamba, bayan maza sun dawo daga masallacin Huaisheng, Sharfaddeen ya tara mu a wani gidan abinci na halal da muke zuwa, ya sa aka ture kwanukan taliya, ya buɗe kwamfutarsa. Tankari yana gefe yana jan carbi. Maidaji yana can ƙarshen tebur, shayi kawai ya sa aka kawo masa.

“Iyayena, matsalarku ta ƙare,” in ji Sharfaddeen. “Na yi analisis. Na karɓi bayanan ejan uku masu aika kaya, na kawu da wasu biyu. Kowannensu a lodi goma sha takwas na baya, uku ne suka makara. Wato ɗaya cikin shida. To kowace a cikinku ta raba kayanta kashi uku, ta ba kowane ejan kashi ɗaya. Kafin a ce duka ukun sun makara tare, sai ɗaya cikin shida, sau ɗaya cikin shida, sau ɗaya cikin shida. Ɗaya cikin ɗari biyu da sha shida ke nan. Ko shekara ɗari biyu za ku yi kuna sana'ar nan, da ƙyar ku gani sau ɗaya.”

Zeinabou ta dafa ƙirji ta ce, “Wallahi yaron nan ya yi lakkwal, ya sha boko. Ko kashi guda ya shigo, ai mun fita kunya.”

Ni ma, kada in yi ƙarya, raina ya yi fari. Ɗari biyu da sha shida lamba ce mai daɗin ji. Da ba wanda ya ce komai, da na tashi na je na raba kayana ina shi masa albarka.

Sai muka ji ƙarar gwangwanin alewa. Maidaji ya buɗe shi ya zube 'ya'yan ludo uku a kan tebur, ya ce, “Sharfaddeen, ka yi mini izini in gwada amsar nan.”

Sharfaddeen ya yi wata dariya ta hanci. “Malam, wannan statistiks ne, ba wasan yara ba.”

“Shi ya sa zan gwada. In amsa daidai ce, ludo ba zai ɓata ta ba.”

Ya ce kowane ɗan ludo ejan ɗaya ne, in ya nuna shida, kayan wannan ejan sun makara. Ya miƙa mini su ya ce in yi ta jefawa, shi kuma yana yin ɗigo a bayan takardar goge hannu. Na jefa sau sittin, har mai kawo abinci ta tsaya tana kallonmu. Shida takan fito a ɗaya, sau huɗu ta fito a biyu tare, amma a ce uku sun nuna shida lokaci guda, ko sau ɗaya ba a yi ba.

Sharfaddeen ya buɗe hannuwa yana kallon mata. “To kun gani. Har ludon nasa ya bi bayana.”

“Ya bi bayanka,” in ji Maidaji. “Ninkawarka ba kuskure a ciki, matuƙar 'ya'yan ludo uku ne, kowanne yana faɗuwa ba ruwansa da ɗan'uwansa. Yanzu Hajiya Hasiya, ajiye biyu. Ɗauki ɗaya.”

Ya zana layi uku a takarda, kowane layi da sunan ejan. Ya ce in jefa guda ɗayan nan sau sittin, duk abin da ya fito zai rubuta shi a layi uku duka. Na jefa. Sau goma sha ɗaya shida ta fito, kuma ba sai an gaya maka ba, duk sanda ta fito, layi uku ta cika.

“Wannan ai wauta ce,” in ji Sharfaddeen. “Ka jefa ɗaya ka rubuta sau uku. Wa ya ce maka ejan ɗaya ne? Kamfani uku ne, ofis uku, rasit uku.”

“Bari in zo nan. Amma tukuna ka taimake ni da wani ɗan lissafi.” Ya fito da karta, ya cire masu hoton wawa biyu, ya ce saura hamsin da biyu. “In na zaro ɗaya ido rufe, yiwuwar ta zama ja nawa ce?”

“Rabi.”

“Yiwuwar ta zama mai zanen zuciya fa?”

“Ɗaya cikin huɗu.”

“To ta zama ja, kuma mai zanen zuciya?”

Da yaron ya tsaya ya yi tunani na daƙiƙa biyu, da ya tsira. Amma mata shida suna kallonsa, kawunsa yana kallonsa, kuma shi irin mutanen nan ne da suke ganin yin shiru kafin amsa faɗuwa ce. Ya ce, “Ɗaya cikin takwas,” har da ɗaga gira.

“Ɗaya cikin takwas na hamsin da biyu, shida da rabi ke nan. Hajiya Zeinabou, don Allah ware mana.”

Zeinabou ta karɓi kartar da yatsa biyu kamar an ba ta abin ƙazanta, ta shiga warewa. Jajaye masu zuciya ta tara su gefe, ta ƙirga da ƙarfi. Goma sha uku. Ta ɗaga kai ta ce, “To ina rabin? Ni ban ga wadda aka yaga ba.” Mata suka fashe da dariya, har wadda ta fi kowa tsoron Tankari sai da ta rufe baki da mayafi.

Maidaji bai yi dariya ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da shi, ba ya ma iya jin daɗin nasara. Ya ce duk mai zanen zuciya ja ce, don haka da ka san mai zuciya ce, tambayar launi ta riga ta amsu, ba abin da ya rage a ninka. Ya ce amma da an tambayi ja kuma mai hoton sarki, nan ninkawa ta yi, don sanin cewa sarki ne bai gaya maka komai game da launi ba, biyu ja ne biyu baƙi. Rabi sau ɗaya cikin goma sha uku, ɗaya cikin ashirin da shida, wato karta biyu. Ya sa Zeinabou ta nemo, ta samu biyu cif. Ya ce, “Kafin ka ninka, tambaya ɗaya za ka yi. In na san na farko ya faru, shin labarin na biyu ya canja? In ya canja, ajiye ninkawa.”

Daga nan ya zaro littafinsa mai bango kore. Na ga Tankari ya daina jan carbi.

“Maidaji,” in ji shi a hankali, “shayinka zai huce.”

Duk wanda ke teburin ya gane abin da ake nufi. Ni dai na gane, na kuma ga Maidaji ya gane, don sai da ya riƙe littafin a rufe na ɗan lokaci yana kallon bangonsa. Sannan ya buɗe.

A ciki ya rubuta kowane lodi da ya tsaya a kai: ranar, lambar kwantena, sunan jirgi, ranar da ya isa Legas. Ya ce ejan ukun nan ba wanda yake cika kwantena shi kaɗai a kan lokaci. Dukansu wani babban dillali ɗaya suke miƙa wa kaya, a sito ɗaya kusa da tashar Huangpu, shi kuma ya haɗa ya ɗora a jirgi ɗaya. Wani lokacin ma kayan ejan biyu a kwantena ɗaya suke kwana, kwali na jingine da kwali. Ya juya littafin wajen Sharfaddeen ya ce, “Lodi uku da ka ce sun makara wa Alhaji, duba watanninsu. Yanzu duba na ɗaya ejan. Duba na ɗayan. In ba ka yarda da littafina ba, suna cikin kwamfutarka, ka duba ranakun.”

Sharfaddeen ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Watanni ukun nan dai su ne, a wurin kowa. Ya ƙirga sau nawa aka makara, bai taɓa duba yaushe ba.

“Ban ce ɗaya cikin shida ne cif ba,” in ji Maidaji. “Lodi goma sha takwas ba su da yawa, kuma wata rana ejan zai iya makara shi kaɗai saboda takardunsa. Amma abin da ke gabanmu ya fi kusa da ɗaya cikin shida, nesa ba kusa ba, fiye da ɗari biyu da sha shida. In kuna son raba kaya, ku raba jirgi, ku raba mako. Shi ma ba zai raba ku gaba ɗaya ba, tunda duk a Legas za a sauke, in tashar ta cushe kowa ya shiga. Amma ya fi rasit uku a jirgi ɗaya.”

Shekara da shekaru Tankari yana gaya mana cewa shi layinsa daban, yana da mutanensa a tasha, har da hoton jirgi a bangon ofis kamar na gidansu ne. Yau ga ma'aikacinsa ya buɗe shi a gaban mata, a kan teburin taliya. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce, “Ranar Juma'a, daga masallaci, a zo a baje karta a gaban matan aure. Allah Ya kyauta.” Ya fita, Sharfaddeen ya rufe kwamfuta ya bi shi.

Da na ɗauka magana ta ƙare, tunda kowa ya gani da idonsa. Ashe ban san mutanena ba. Kafin Litinin, Sharfaddeen ya zagaya kowace ɗaya da sabon zane mai launi huɗu, ya ce abin da Malam ya yi tsohon yayi ne, na allo da alli. Zeinabou, wadda da hannunta ta ƙirga goma sha uku, ta ce mini, “Hasiya, ni fa bato ɗaya ko bato goma, jirgi dai jirgi ne, Alhaji ya daɗe yana kai mini kaya. Kuma mutumin da ke yawo da karta a jaka, ka san akwai magana.” Su biyar suka raba wa ejan uku kayansu, Sharfaddeen ya karɓi la'adarsa ta wuri uku, kowa ya yi barci da ɗari biyu da sha shida a ƙarƙashin filo.

Ni kaɗai na bi Maidaji. Ya raka ni wurin wani ejan ɗan Ghana da ke lodi ta wani dillalin, a wani jirgin da zai tashi kwana goma kafin nasu. Na ba ɗan Ghanan kashi ɗaya cikin uku, da tsada, da gaggawar da ta sa na yi faɗa da masana'anta biyu. Sauran na bar wa Tankari. A hanyar dawowa cikin jirgin ƙasa na tambaye shi, “Malam, me ya kai ka? Ka san takardarka a hannunsa take.”

Ya ce, “Na sani, Hajiya. Amma amsar ba daidai ba ce, kuma kayanku ne a kai.”

Wannan shekarar jirginsu ya isa Legas ranar da aka ce, ko kwana ɗaya bai ƙara ba. Kaya suka shiga Kano tun kafin a ga watan azumi. Ba abin mamaki ba ne, Maidaji da kansa ya ce sau biyar cikin shida haka za a yi. Amma je ka gaya wa 'yan Xiaobei. A wurinsu jirgi ya iso, saboda haka kwamfuta ta yi gaskiya, ludo ya yi ƙarya. Aka mai da ni abin dariya a zauren wayarmu na mata. Wata ta sa hoton ɗan ludo ta rubuta sunana a ƙasa. Zeinabou in ta gan ni sai ta ce, “Hajiyar jirgi biyu, ina rabin kartarki?” Na ji zafi ƙwarai, kuma maimakon in ji haushinsu, sai na ji haushin Maidaji.

Da na koma Guangzhou bayan Sallah, lokacin sabunta takardarsa ya zo. Tankari ya ce ba zai sa sunan kamfaninsa a kan mai caca ba. Wasu dattawan 'yan kasuwa uku suka ce a zauna a sasanta, suka kira ni tunda ina wurin. A ofishin Tankari aka zauna, ƙarƙashin hoton jirgin nan, da rana tsaka. Maidaji yana zaune a kujerar roba, jakarsa a cinya. Babban dattawan ya ce, “Hajiya, tsakaninki da Allah, kin ga mutumin nan da karta a gidan abinci ranar Juma'a?”

Na ce, “Na gani.”

“Da ludo?”

“Da ludo.”

Ya jira ko zan ƙara. Abin da zan ƙara yana bakina: ba a sa ko sisi ba, ni na jefa, Zeinabou ta ware, kuma abin da ya nuna gaskiya ne, ranakun suna nan a rubuce. Amma kashi biyu na kayana a hannun Tankari suke bi, ga dariyar da aka yi mini ba ta huce ba. Na gyara mayafi na yi shiru. Maidaji ya kalle ni sau ɗaya, ba da fushi ba, irin kallon da malami ke yi wa ɗalibar da ya san ta san amsa. Dattawan suka ce to, tunda an gani, Alhaji yana da hujja. Ba wanda ya tambayi me aka yi da kartar. Mutum uku masu furfura, ba wanda ya ga tambayar ta cancanci a yi.

Ya nemi wani kamfanin, amma wa zai ɗauki wanda Tankari ya kora da sunan caca? Bayan sati biyar ya tattara ya koma Gusau. Ban je sallama ba, kunya ta hana ni.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ban daina raba jirgi ba. Shekara ta biyu na sake kai wa ɗan Ghana kashi ɗaya, a ɓoye, ta ƙofar baya kamar mai sayen abin kunya. Jirginsu ya sake isa lafiya. A shekara ta uku ne aka sauke kwantenoninsu a wata tashar hanya, suka yi sati shida suna jiran jirgin da zai kwashe su. Na ejan farko, da na biyu, da na uku, duk suna jere wuri ɗaya a rana. Kayan Sallar mata biyar suka shiga Kano kwana goma sha biyu bayan idi. Zeinabou ta rufe shagonta na Sabon Gari kafin babbar Sallah. Ni kuwa kashi ɗayan nan ya iso a farkon azumi, kuma da yake babu kayan kowa a kasuwa, ko safa ɗaya ba ta kwana ba.

Na jira in ji an ambaci sunan Maidaji. Abin da ya fito a zauren waya shi ne dogon saƙon Sharfaddeen, yana cewa abin da ya faru ɗaya ne cikin ɗari biyu da sha shida, wanda ke nuna cewa ƙaddara ta fi ƙarfin ilimi. Aka yi ta amsa masa da Allah Ya mayar da alheri, wata har da ba shi haƙuri kada ya sa abin a ransa. Yanzu haka yana da ofis nasa a hawa na goma sha ɗaya, da kwamfuta biyu.

Na nemo lambar Maidaji na kira shi wata Asabar da hantsi. Ya koma aji, a wata makarantar kuɗi da ba ta biya a kan lokaci. Na ba shi labari duka ina haɗawa da gishiri, don ina so in ji ya yi dariyar mugunta ko sau ɗaya, in samu sauƙi. Na ce, “Malam, gaskiyarka ta fito.”

Ya ce, “A'a Hajiya, wannan jifa ɗaya ce. Da jirgi ya iso lafiya bai nuna na yi kuskure ba, da ya makara ma bai nuna na yi daidai ba. Ranakun da ke cikin littafi su suka nuna, tun a kan teburin nan.” Ina jin hayaniyar mashin a bayansa. “Ke fa, naki sun makara?”

Na ce kashi ɗaya ya tsira, don ban daina raba jirgi ba.

“Madalla, na ji daɗi,” in ji shi, kuma na ji a muryarsa da gaske yake. “To da kike rabawa shekara biyun nan, kin gaya wa su Hajiya Zeinabou?”

Na riƙe wayar a kunne ina kallon kantocin shagona da suka zama wayam. Ya ce, “Hajiya, kina ji na?” Na ce ina ji, layin ne ba kyau.